Sitetimen ɗin banki na PDF ya ƙi shiga Excel yadda ya kamata, ina mafita?

Maajin_Dawanau
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne ma'ajin wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi, kuma an ce in kawo lissafin shekarar 2024 gaba ɗaya, wa ya biya, wa bai biya ba, nawa banki ya cire. Banki ya turo min sitetimen a PDF, shafi 63. Tebur ne mai kolum shida: Date, Narration, Reference, Debit, Credit, Balance. Da na kwafa na liƙa a Excel, komai ya zube a kolum ɗaya. Da na raba shi da Text to Columns sai kuɗin da aka shigo da su suka koma ƙarƙashin Debit a wasu layukan, sunayen mutane kuma suka tsinke biyu. Dukiyar jama'a ce, ba na son in kai lissafin da ba daidai ba. Wace hanya ce amintacciya?

Hajiya_Akanta
Wa alaikumus salam Malam Ma'aji. Kafin komai, ka koma bankin ka nemi su ba ka shi a Excel ko CSV. Bankuna da yawa suna da wannan zaɓin a shafinsu na intanet, musamman asusun kamfani ko ƙungiya. Daga tebur aka buga PDF ɗin nan tun farko, to gara a nemi asalin.

Maajin_Dawanau
Na tambaya Hajiya. Sun ce wanda ke da hatimi a PDF kawai suke bayarwa, kuma asusunmu ba a haɗa shi da intanet ba saboda mutum uku ke sa hannu.

Sadiq_Phones
Ka ɗauki hoton kowane shafi da manhajar Excel ta waya, akwai wurin da take karanta tebur daga hoto. Ni da shi nake shigar da farashin kaya.

Injiniya_Bashir
Sadiq ƙanena, wannan dabarar ta takarda ce wadda take hannunka a buge. Idan fayil ɗin na da rubutu na gaske a cikinsa, ɗaukar hotonsa komawa baya ne, don ka mayar da lambar da kwamfuta ta sani tabbas zuwa hoton da za ta yi ta hasashe a kai.

Malam Ma'aji, tunda ka iya kwafa, alama ce mai kyau. Amma ka tabbatar: buɗe fayil ɗin, danna Ctrl+F ka nemi wata lamba da kake gani da idonka a shafi na 40 ko na 50. In ya samo ta, kuma in ka ja linzami kalmomi suna haskakawa ɗaya bayan ɗaya, rubutu ne. In shafin gaba ɗaya ya haskaka lokaci guda, hoto ne, kuma maganar daban ce.

Ga dalilin abin da ya faru da kai. A yawancin PDF babu tebur a ciki ko kaɗan. Abin da fayil ɗin ya ajiye shi ne: a sa wannan rubutun a wuri kaza daga hagu, wuri kaza daga ƙasa, a ja layi daga nan zuwa can. Idonka ne ke haɗa su ya ga tebur. Saboda haka akwatin da babu komai a ciki, a fayil ɗin ma babu shi sam. Layin da aka shigo da kuɗi Debit ɗinsa fanko ne, to da ka kwafa sai lambobi biyu kawai suka fito, kuɗin da Balance. Excel bai san akwai gurbi a tsakani ba, sai ya tura kuɗin zuwa kolum na farko da ya samu. Duk manhajar da za a ba ka shawara a nan, aikinta ɗaya ne: ta duba inda kowace kalma take a shafi ta yi hasashen kolum ɗinta.

Maajin_Dawanau
Na gwada Injiniya, yana samo lambobin. Rubutu ne.

ummu_khalil
In Excel ɗinka na Microsoft 365 ne a Windows, shiga Data > Get Data > From File > From PDF. Zai jero maka abubuwa irin Table001 (Page 1), ka zaɓa ka danna Transform Data. Ni da shi nake ciro jadawalin albashi a ofis, bai cika ba ni wahala ba.

Maajin_Dawanau
Nawa na 2016 ne, na duba babu From PDF.

DanMalam_ICT
Ka buɗe shi da Word kawai. Tun Word 2013 yana buɗe PDF ya mayar da shi takardar da ake gyarawa, tebur ya fito tebur. Sai ka kwafa zuwa Excel. Ko ka sa a shafukan nan na kyauta masu juya PDF zuwa Excel, minti ɗaya an gama.

Hajiya_Akanta
DanMalam, shawarar Word ba laifi ga shafi biyu ko uku. A shafi 63 kowane shafi yakan fito da nasa teburin, wani da kolum shida wani bakwai, sai ka ƙare a gyara da hannu. Ta biyun kuwa ban yarda ba. Sitetimen ɗin nan na ɗauke da sunayen mambobi da abin da kowa ya biya da lambar asusun ƙungiya. Ba na Ma'aji ba ne shi kaɗai da zai ɗora a shafin da bai san masu shi ba.

DanMalam_ICT
Ai suna cewa suna gogewa bayan 'yan awanni Hajiya.

Hajiya_Akanta
Su suka faɗa. In jadawalin farashin taki ne da kowa ke gani, a ɗora. Kuɗin mutane, a'a.

Injiniya_Bashir
Ina tare da Hajiya. Malam Ma'aji, ka sauke Tabula, manhajar ciro tebur daga PDF. Kyauta ce, tana buƙatar Java a kwamfutar, kuma duk da a burauza take buɗewa, a kan kwamfutarka take aiki, fayil ɗin ba ya fita ko'ina. In banki ya kulle PDF ɗin da kalmar sirri, ka fara cire makullin da manhajar qpdf da kalmar da suka ba ka:

```
qpdf --password=KALMARKA --decrypt asusu.pdf bude.pdf
```

In ka shigar da fayil ɗin, za ka ja akwati a kan teburin sannan ka danna Repeat this Selection don ya maimaita a sauran shafuka. A nan mutane ke faɗawa rami. Shafin farko yana da sunan ƙungiya da adireshi da taƙaitawa a sama, don haka teburinsa daga tsakiya yake farawa. In ka maimaita akwatin shafi na 1, duk sauran shafukan za a yanke musu layukan sama, kuma ba abin da zai gargaɗe ka. Ka ja wa shafi na 1 nasa daban, ka ja wani a shafi na 2, shi za ka maimaita.

Sai zaɓi biyu da za ka gani a wurin dubawa, Lattice da Stream. Lattice na bin layukan da aka zana, duk inda layin tsaye ya haɗu da na kwance ya san akwati ne. Stream ba ya kallon zane, yana bin sararin da ke tsakanin kalmomi. In teburinka na da layuka ta ko'ina, ɗauki Lattice, don shi kaɗai zai riƙe Narration mai layi biyu a akwati ɗaya. Yaya naka yake?

Maajin_Dawanau
Babu layin tsaye ko ɗaya. Akwai siririn layi a kwance bayan kowace mu'amala. Lattice bai ba ni abin kirki ba. Stream ya raba kolum ɗin daidai, Debit da Credit kowa ya zauna wurinsa, alhamdulillah. Amma ga sabuwar matsala: duk Narration mai tsawo ya zama layi biyu ko uku, na ƙasan babu kwanan wata babu kuɗi. Kuma kan teburin, Date Narration da sauransu, yana dawowa a kowane shafi.

Injiniya_Bashir
Madalla, ka wuce mafi wuyar. Ka fitar da shi a CSV, amma kada ka buɗe ta danna shi sau biyu. Buɗe Excel fanko, Data > From Text, zaɓi Delimited da Comma. A mataki na uku ka danna kolum ɗin Reference ka sa shi Text, ka danna na Date ka sa Date: DMY.

Dalili: Excel lamba 15 kawai yake iya riƙewa daidai. Lambar shaidar tura kuɗi tsakanin bankuna guda 30 ce, in ya ɗauke ta a matsayin adadi zai mayar da duk abin da ya wuce ta 15 sifili, kuma ko ka canza tsarin akwatin daga baya ba sa dawowa. Haka lambar asusu mai guda 10 in ta fara da 0, sai ta koma 9. Kwanan wata kuma, in kwamfutar na kan tsarin Amurka, 03/04/2024 zai zama 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu, shi kuma 25/04/2024 zai tsaya a rubutu tunda babu wata na 25. Za ka gane haka in wasu ranakun sun jingina dama wasu hagu a kolum ɗaya.

Bayan nan ka sa Filter ka goge duk layin da A ɗinsa ke cewa Date in ban da na farko, da na Page kaza of 63 in sun shigo. Sai haɗa Narration. Ƙa'idar ita ce sabuwar mu'amala tana farawa ne kawai inda akwai kwanan wata. A G2 ka sa wannan ka ja shi har ƙasa:

```
=TRIM(IF(A3="",B2&" "&G3,B2))
```

Yana duba layin da ke ƙasa, in babu kwanan wata sai ya janyo rubutunsa sama ya manna. Sai ka kwafi G ka liƙa a kan B da Paste Special > Values, ka goge G, sannan ka tace layukan da A ɗinsu fanko ne ka share su. Kada ka share kafin ka liƙa Values, in ba haka ba #REF! zai cika maka shafi.

Zee_data
Yaya Bashir, akwai inda wannan ke ba da matsala. Wasu bankunan a tsakiyar akwati suke sa kwanan wata, ba a sama ba. In Narration layi uku ne, kwanan watan na daidai da layi na biyu, sai layin farko ya fito sama da shi. Da ƙa'idarka, wannan layin farkon zai manne wa mu'amalar da ta gabata, sunan wani ya hau kan kuɗin wani, alhali lambobin duk daidai suke. Na taɓa ganin haka a sitetimen ɗin wata makaranta.

Tunda ya ce akwai layin kwance bayan kowace mu'amala, ni da shi zan yi amfani. Da pdfplumber na Python kana iya ba shi layukan tsaye da kanka, shi kuma ya bi na kwancen da ke cikin fayil:

```python
import pdfplumber, csv
s = {"vertical_strategy": "explicit",
     "explicit_vertical_lines": [36, 95, 270, 360, 425, 490, 560],
     "horizontal_strategy": "lines"}
with pdfplumber.open("bude.pdf") as pdf, open("asusu.csv", "w", newline="", encoding="utf-8") as f:
    for p in pdf.pages:
        csv.writer(f).writerows(p.extract_table(s) or [])
```

Lambobin nan misali ne, shi zai auna nasa. Ma'aunin PDF 72 ne a inci ɗaya, faɗin A4 kuma 595, kuma kolum shida na buƙatar layin tsaye bakwai.

Injiniya_Bashir
Gaskiyarki Zee, wannan ta fi tsabta in mutum ya iya Python. Malam Ma'aji, duba wata mu'amala mai Narration layi uku a PDF ɗin. Kwanan watan na daidai da layin farko ko na tsakiya?

Maajin_Dawanau
Da na farko yake. Python kuwa ban san ko ta ina ake shigarsa ba, zan tsaya a Excel.

Malama_Rabi
Don Allah in shigo da tawa. Ni sakamakon jarrabawar ɗalibai ne aka turo min a PDF ta WhatsApp, amma da waya aka ɗauki hoton takardun. Tabula ta ce min babu komai.

Zee_data
Malama, Tabula ba ta karanta hoto. Sai an fara ratsa shi da manhajar gane rubutu, kamar `ocrmypdf --deskew asali.pdf sabo.pdf`, wadda ke miƙe shafin da ya karkace ta sa rubutu a bayan hoton. Amma in da hali ki nemi a sake sikanin takardun a 300 dpi, a shimfiɗe, a turo a matsayin fayil. Hoton waya mai inuwa yakan mayar da 0 ya zama O, 1 ya zama 7, ko layin tebur ya zama 1 a gaban maki. In akwai kolum ɗin jimla, ki sake tara makin kowane ɗalibi ki kwatanta, duk inda suka saɓa ki duba takardar. In da hannu aka rubuta makin, ki buga da kanki ya fi.

Issoufou_Maradi
Mu nan Nijar tamu damuwar daban ce. Ana rubuta kuɗi da sarari, kamar 1 250 000, kuma Stream yakan ɗauki sararin nan a matsayin iyakar kolum ya raba adadi ɗaya gida uku. Ko ya bar shi a haɗe, Excel ba ya tarawa, don sau da yawa ba sararin da ake bugawa a allon rubutu ba ne. Abin da nake yi, in kwafi sararin daga cikin akwatin kansa, in liƙa a Ctrl+H in maye shi da ba komai. Kuma Excel na Faransanci da alamar ; yake raba CSV, sai an gaya masa waƙafi ne a wurin shigarwa.

Hajiya_Akanta
Wannan na Malam Issoufou ya shafe ka kai ma, Ma'aji. Ka gwada `=ISNUMBER(F2)` ka ja ƙasa, haka a D da E inda akwai kuɗi. Duk inda ya ce FALSE rubutu ne mai kama da lamba, kuma SUM tsallake shi yake yi shiru.

Yanzu ga abin da ni a wurina ya fi duk manhajojin da aka lissafa. Sitetimen ɗin banki yana ɗauke da hanyar duba kansa. Balance na kowane layi dole ya zama na layin sama, a ƙara Credit, a cire Debit. A G3 ka sa:

```
=ROUND(F2+E3-D3-F3,2)
```

Ka ja har layin ƙarshe, sannan ka tace duk wanda ba 0 ba. Abin da ya fito shi zai gaya maka irin cutar. A ce Balance 1,842,300.00 ne, wani ya shigo da 125,000, ya koma 1,967,300.00. In kuɗin ya faɗa Debit, sakamakon zai zama -250,000, wato ninki biyu na kuɗin layin. Duk inda ka ga ninki biyu, kolum aka sauya. In bambancin daidai yake da kuɗin layin, akwatin ne fanko ko kuɗin ya manne da Reference. In kuma bambancin bai yi kama da komai a layin ba, akwai mu'amalar da ta ɓace a samansa, sai ka koma PDF a wannan ranar.

Daga ƙarshe ka tara D da E ka kwatanta da Total Debit da Total Credit da bankin ya rubuta a shafin farko ko na ƙarshe.

Sadiq_Phones
To ai jimlar nan kaɗai ta isa Hajiya, in ta yi daidai shi ke nan.

Hajiya_Akanta
Jimla za ta ce maka akwai kuskure, ba za ta nuna maka inda yake a shafi 63 ba. Kuma in layi ɗaya na 50 ya ɓace, wani na 50 ya fito sau biyu, jimla lafiya lau za ta nuna. Cajin naira 50 kuwa cike yake da irin wannan takardar.

ummu_khalil
Ƙari kaɗan: wasu sitetimen daga sabuwa suke farawa zuwa tsohuwa. In haka ne sai a kwatanta da layin ƙasa, ba na sama ba, in ba haka ba kusan ko'ina zai nuna kuskure mutum ya firgita.

Maajin_Dawanau
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda nake. Nawa daga Janairu ya fara, don haka lissafin Hajiya ya zauna. Layi huɗu ne ba su ba da 0 ba.

Biyu daga ciki, kuɗin Debit ya manne da Reference a akwati ɗaya saboda adadin babba ne ya matso hagu, na raba su da hannu suka koma 0. Na uku ya nuna 53.75, kuma shi ne layin farko na shafi na 18. Da na koma PDF sai na ga cajin tura kuɗi, naira 50 da harajinsa 3.75, a can ƙasan shafi na 17. Shafin ya ɗauki layi ɗaya fiye da sauran, ya sauka ƙasa da akwatin da aka maimaita. Na shigar da shi.

Na huɗun ne ya tsaya min. Yana nuna 20,000, kuɗin layin kuma 7,500 ne. Na duba PDF ɗin, babu layin da ya ɓace, Balance ɗin da na ciro shi ne a takardar. Jimlar Debit ɗina ma ta gaza ta banki da 20,000 cif.

Injiniya_Bashir
To wannan ba laifin cirowa ba ne in har abin da ke Excel shi ne a takarda. Amma ka nemi 20,000.00 da Ctrl+F a fayil ɗin gaba ɗaya. Wani lokaci ana jera mu'amala da ranar da aka shigar da ita, Balance kuma ya bi wani tsarin, sai layin ya fito a wani wuri.

Zee_data
In da haka ne Yaya Bashir, da an ga wani layin mai -20,000 da zai soke shi, kuma da jimlar ta yi daidai. Ya ce huɗu ne kawai kuma jimla ta gaza. Ni ina zargin layin na daidai mahaɗar shafi biyu ne, manhajar da ta buga PDF ɗin ta haɗiye shi. Malam, a ina layin yake a shafin?

Maajin_Dawanau
A tsakiyar shafi na 41 yake, ba a mahaɗa ba. Akwai 20,000.00 a wurare da dama amma duk suna cikin Excel ɗina kuma nasu 0 ne.

Hajiya_Akanta
Kada ka ƙirƙiri layi don lissafi ya daidaita. Ka bar gurbin, ka rubuta a gefe cewa an cire 20,000 tsakanin waɗannan mu'amaloli biyu ba tare da bayani a sitetimen ba. Ka buga shafi na 41, ka ja layi ƙarƙashin Balance biyun, ka kai wa jami'in da ke kula da asusunku ya buga maka na wannan ranar kaɗai. Ka kuma duba saƙonnin alat na ranar a wayar wanda ke karɓa, da littafin cak.

Malama_Rabi
Zee, sun ce za su sake sikanin gobe. In ya zo, Lattice zan sa ko Stream? Teburin na da layuka ta ko'ina.

Zee_data
Ki fara da Stream Malama. Layukan da kike gani a cikin hoton suke, Tabula kuma layin da aka zana a fayil kawai take gani, don haka Lattice ɗinta ba zai same su ba ko bayan an gane rubutun.

Maajin_Dawanau
Sakataren ne ke karɓar alat, na kira shi yana hanyar dawowa daga Gaya. Ranar Litinin zan je bankin da shafin.